Cok ɗin bindiga da bazuwar ƙwayoyi: wanne ya dace da wane tsuntsu?

Tambaya: "Ina da bindiga mai baki biyu, lamba 12, ta zo da cok guda biyar a ƙaramin akwati. Tun da na saye ta ful na ɗaura a duka bakunan, don an ce mini shi ya fi kai harbi nesa. Amma in fakara ta tashi kusa da ni, ko dai in kuskure ta, ko in same ta ta dagargaje. Wai me cok yake yi ne takamaimai, kuma wanne ya kamata in sa?"

Amsa: Malam, cire ful ɗin nan. Ɗaura kwata a bakin da kake fara harbawa da shi, rabi a na biyun. Ga mai bin fakara da ƙafa wannan shi ne mafari mai kyau. Amma gara ka san dalili, don gobe in tsuntsu ya canja ko nisa ya canja ka iya zaɓa da kanka.

Wanda ya ce maka ful ya fi kai harbi nesa ya faɗi rabin gaskiya. Cok ba ya ƙara wa ƙwayar darma wani ƙarfi ko gudun da za a kula da shi. Ƙwayar da ta fita ta ful da wadda ta fita ta buɗaɗɗen baki, in daga harsashi iri ɗaya suke, kusan da ƙarfi ɗaya za su isa mita 35. Aikin cok shi ne jinkirta rabuwar ƙwayoyin da juna. An saba kwatanta shi da ɗora babban yatsa a bakin tiyo, kuma kwatancen ya yi daidai ta fuskar tattara abin da ke fita wuri guda, sai dai yana ruɗin mutane, don ruwan tiyo yana ƙara gudu sosai in an matse shi, ƙwayoyin bindiga kuwa ba haka ba ne.

Shi cok ba komai ba ne illa ɗan tsukewa a ƙarshen bututun bindiga, a 'yan santimita na ƙarshe kafin baki. Faɗin cikin bututun lamba 12 ya kai kimanin milimita 18.5. Bakin da ba a tsuke shi ba ko kaɗan shi ake kira silinda. In an rage kusan rubu'in milimita, kwata ke nan. Rabin milimita, rabi. Kashi uku cikin huɗu na milimita, kwata uku. In ya kai wajen milimita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, ful. Ka ga duk abin da ake ta muhawara a kansa bai wuce milimita ɗaya ba. Wannan lissafin Ingila ne. Amurkawa suna da nasu sunayen, kuma su ne za ka fi gani an buga a jikin cok da haruffa: IC ya yi daidai da kwata, M rabi ne, IM yana tsakanin rabi da ful, F kuma ful. Kamfanoni da yawa suna yin tsaga a leɓen cok ɗin don ka gane shi yana ɗaure: tsaga ɗaya ful, uku rabi, huɗu kwata, biyar silinda ko abin da ya yi kusa da shi. Duba takardar da ta zo da bindigarka don tabbatarwa, ba kowane kamfani ke bin wannan tsari daidai ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani maƙerin bindiga na Newcastle mai suna W. R. Pape ya yi rajistar irin wannan tsukewa a 1866, sannan W. W. Greener na Birmingham ya gyara ta har ta zama abin dogaro, ya kuma lashe babbar gasar gwajin bindigogi da aka yi a Ingila a 1875. Cok mai zare da ake warwarewa a canja, irin naka, sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ya yaɗu. Kafin nan abin da maƙeri ya yanka maka a bututu da shi za ka zauna.

To me ke faruwa a cikin bututun? Lokacin da albarushi ya kama, ƙwayoyin suna tafiya a cushe cikin kofin roba, na baya suna danne na gaba. Da sun fita daga bakin da ba shi da tsukewa, bangon da ke riƙe su ya ƙare, iska ta tare su ta gaba, kofin da hayaƙin suna turo su ta baya, sai tarin ya buɗe gefe da gefe. In akwai cok kuwa, gangaren nan yana karkatar da ƙwayoyin gefe zuwa tsakiya, tarin ya fito siriri dogo. Na gaba suna yanka wa na baya iska, don haka sukan daɗe tare kafin su watse. Akwai kuma abu na biyu da ke buɗe harbi wanda ba ruwansa da cok: darma tana da laushi, ƙwayoyin da ke can ƙasan kofi suna lotsewa saboda dannewar farko, kuma ƙwayar da ta lotse ba ta tafiya miƙe. Ita ce ke kaucewa ta faɗa can gefe. Shi ya sa harsashi mai arha mai darma mai laushi yake bazuwa fiye da mai tauraren ƙwayoyi, alhali cok ɗin bai canja ba.

Daga nan ne ma'aunin gaskiya ya fito. Masu wannan sana'a ba sa yanke wa cok hukunci da abin da aka rubuta a jikinsa, suna duba abin da ya zuba a takarda. Ka'idar da aka daɗe ana bi ita ce a harba daga yadi 40, wato kusan mita 36 da rabi, a ƙirga ƙwayoyin da suka faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 30, kusan santimita 76. Silinda yakan saka kimanin kashi 40 cikin ɗari na ƙwayoyin a ciki, kwata 50 zuwa 55, rabi 60, kwata uku 65, ful 70. Cok ɗin da aka buga wa F amma ya ba da kashi 60 da harsashin da kake amfani da shi, to a hannunka rabi ne, komai aka rubuta.

Yanzu mu ɗauki fakararka mu yi lissafi. A ce harsashinka na ɗauke da giram 32 na darma mai lamba 6 a ma'aunin Amurka. Ƙwayoyin ciki sun kai kimanin 250. Mu ƙiyasta cewa gangar jikin fakara, in an cire gashi da jela, ta kai faɗin santimita murabba'i 130, wato kwatankwacin tafin hannu da 'yan yatsu.

Fakara takan laɓe har sai ka kusa taka ta, ta tashi da ƙara, kafin ka ɗaga bindiga ka danna kunama ta kai mita 18 ko 20. A wannan nisan ful ya tara dukan ƙwayoyin cikin faɗin da bai wuce santimita 40 ba. In ka raba, za ka ga fiye da ƙwaya ashirin za su iya shiga jikin tsuntsuwar in ta faɗo tsakiya. Naman da ka ce yana dagargajewa ke nan. In kuma hannunka ya kauce da taƙi ɗaya da ɗan wani abu, ba ko ɗaya da zai taɓa ta. Kwata a daidai wannan nisan yana buɗewa zuwa wajen santimita 65, ƙwayoyin da za su same ta su dawo tara ko goma. Har yanzu sun fi abin da ake buƙata, don ƙwaya uku ko huɗu masu ƙarfi a gangar jiki sun isa su kayar da tsuntsu irin wannan nan take, ga shi kuma filin da ka rufe ya ninka na ful fiye da sau biyu da rabi.

Matsa da ita zuwa mita 36, lissafi ya juye. Da'irar santimita 76 za ta ɗauki jikin fakara kusan sau 35. Kwata mai kashi 50 ya saka ƙwayoyi 125 a ciki, rabon tsuntsuwa ɗaya ya zama uku da rabi. Ful ya saka 175, rabonta biyar. A ido bambancin ba shi da yawa, amma ƙwayoyi ba sa jeruwa a tsare. Matsakaici ne uku da rabin. Wani harbin za ta sami shida, wani ɗaya tak a cinya, ta tafi da rauni ta mutu a inda ba za ka same ta ba. A irin wannan nisan ne ful ya cancanci sunansa. Silinda a nan ya riga ya gaza, ƙwayoyi ɗari kawai ya rage a da'irar, giɓi ko'ina.

Don haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: a mita nawa nake harbi? Ba nisan da kake zato ba, wanda ka auna. Yawancin mafarauta suna ƙara wa nisan harbinsu tsawo a baki. A fita ta gaba, duk tsuntsun da ya faɗi ka tsaya inda ka harba ka ƙirga taku zuwa gare shi. Takun namiji a daji bai cika wuce santimita 75 ko 80 ba. Ka tuna kuma tsuntsun da ke gudu daga gare ka yakan faɗi gaba da inda harbin ya same shi. Mai bin tsuntsayen ƙasa da ƙafa in ya yi wannan ƙirga zai tarar mafi yawan harbinsa bai kai mita 30 ba. A ra'ayina, in aka tara masu farautar tsuntsu, waɗanda suka matse cok fiye da kima sun fi waɗanda suka buɗe shi fiye da kima yawa nesa ba kusa ba, kuma dalilin ɗaya ne: kowa na shirya wa harbin nesa guda ɗaya da zai ba da labarinsa, ya manta da na kusa guda goma.

Amfanin baki biyu shi ne kana da amsa biyu a hannu. Tsuntsun da ya tashi yana nisantar ka, harbin farko na kusa ne, na biyu na nesa, shi ya sa na ce kwata sannan rabi. In kana cikin ciyawa mai tsawo ko kurmi inda ba ka ganin abin da ya wuce mita 20, sauka zuwa silinda da kwata. In kuwa kana laɓe tsuntsaye suna tahowa wajenka, kamar kurciya ko hasbiya a hanyarsu ta zuwa ruwa, sai ka juya tsarin: fara da matsattsen bakin tun suna nesa, ka bar buɗaɗɗen ga lokacin da suka iso kanka. Bindigogi da yawa suna da ɗan maɓalli a jikin makullin tsaro da ke zaɓar bakin da zai fara tashi. A mai kunama biyu kuwa yatsarka ce ke zaɓa. Kurciyar da ke wucewa can sama a mita 35 tana son rabi ko kwata uku, da ƙananan ƙwayoyi masu lamba 7 da rabi, don jikinta ƙarami ne, yawan ƙwayoyi take buƙata. Zabon daji mai kaurin gashi da yake tashi tun daga nesa yana son rabi zuwa sama da ƙwayoyi masu lamba 5 ko 4. Sai dai ka lura, giram 32 na lamba 4 ƙwayoyi kusan 150 ne kawai, don haka duk lokacin da ka ƙara girman ƙwaya ka rage yawanta, dole cok ya ɗan matse don cike giɓin. Mai bindiga mai baki ɗaya da ba ya son yawan canje-canje, ya zauna a kwata in harbinsa na kusa ne, rabi in a buɗaɗɗen fili yake.

Duk wannan zato ne har sai ka gwada a takarda, kuma gwajin ba shi da wuya. Nemi takarda ko kwali mai faɗin mita ɗaya da 'yan kai kowane gefe, ka kafe shi a gaban tudun ƙasa inda ba mutum, ba dabba, ba hanya a bayansa. Yi ɗigo a tsakiya. Auna nisan da igiyar awo, kuma ka auna nisan da kake harbi da gaske: in mita 25 ne naka, gwada a 25. Harba sau ɗaya, ka canja takarda. Sai bayan harbin ne za ka zana da'irar santimita 76, kuma ka zana ta a inda ƙwayoyin suka fi taruwa, ko da ba kan ɗigon ba ne. Ƙirga ramukan kana yi wa kowanne alama da biro don kada ka maimaita. Takarda ɗaya ba ta isa shaida ba, don harsasai biyu daga kwali ɗaya suna iya bambanta sosai. Yi aƙalla biyar da kowane cok ka ɗauki matsakaici.

Ƙirgar ba ita kaɗai ce abin dubawa ba. Yanka kwali daidai girman gangar jikin tsuntsun da kake farauta, ka riƙa zagayawa da shi a kan takardar. Duk inda ya zauna bai rufe rami uku ba, nan tsuntsu zai iya ratsawa. In irin waɗannan wuraren sun yi yawa har cikin tsakiya, cok ɗin ya buɗe da yawa ga wannan nisan, ko ƙwayoyin sun yi girma. In tsakiya ta yi baƙi ƙirin da ramuka gefe kuma fayau, ya matse da yawa. Wani lokaci kuma za ka ga abin mamaki: ful ya ba da bazuwar da ta fi ta kwata uku muni, dunƙule a nan, fili a can. Hakan na faruwa musamman da manyan ƙwayoyi, don sun cushe a mashigar sun lotse juna. Ƙarin matsewa ba kullum yake ƙara tattarawa ba, akwai inda yake tsayawa.

Takardar za ta nuna maka wani abu kuma da ya fi cok muhimmanci. In a duka harbi biyar ɗin tarin ƙwayoyin yana sauka hagu da ɗigon, ko ƙasa da shi, to ba cok ne matsalar ba. Ko dai gindin bindigar bai dace da kafaɗarka da kumatunka ba, ko idon da kake saiti da shi ba shi ne mai rinjaye ba, ko kuma, a wasu lokuta kaɗan, cok ɗin ne bai zauna miƙe a zarensa ba. Canja cok ɗin ka sake gwadawa: in kaucewar ta tafi, laifinsa ne, in tana nan, a duba bindigar da mai riƙe da ita.

A nan ya kamata in rage maka buri kaɗan. Tsakanin ful da kwata a mita 20, abin da ka samu ƙari bai wuce santimita 12 ko 13 a kowane gefe ba. Tsuntsun da ke gilmawa da gudun mita 15 a daƙiƙa, a nisan mita 30, yana matsawa kusan mita ɗaya da rabi kafin ƙwayoyin su isa gare shi. Wanda ya tsayar da bindigarsa lokacin danna kunama yana kuskure da mita guda, ba cok ɗin da zai cece shi. Buɗe cok yana yafe ƙaramin kuskure ne kawai.

Sai batun ƙwayoyin ƙarfe, wanda ya shafi duk mai farautar agwagwa da dinya. Ƙasashe da dama sun hana darma a fadama saboda tsuntsayen ruwa suna haɗiye ta su mutu. Amurka ta hana ta a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana ta a wuraren dausayi daga 2023. Ƙarfe ba ya lotsewa, don haka ƙwayoyinsa suna tafiya a tattare fiye da na darma. Rabi da ƙarfe yakan yi aikin da ful ke yi da darma, kwata kuma ya yi na rabi. Ga agwagwar da ke saukowa kusa, kwata ya wadatar. Ƙarfe ya fi darma rashin nauyi, yana saurin rasa ƙarfi a iska, shi ya sa ake hawa lamba biyu a girma: inda da za ka sa darma mai lamba 6, ka sa ƙarfe mai lamba 4. Babban haɗarin shi ne tura manyan ƙwayoyin ƙarfe ta ful. Tunda ba sa matsuwa, bututun ne ke ba da kai: ya kumbura kamar zobe dab da baki, ko cok ɗin ya buɗe ya maƙale a zarensa. Kada ka wuce rabi da ƙarfe sai in an rubuta a jikin cok ɗin cewa an yi shi don haka, kuma tsohuwar bindiga mai siririn bututu a kai wa maƙeri ya duba ta tukuna.

Wajen canja cok, karya bindigar ka ga ramukan biyu babu harsashi kafin hannunka ya je bakinta. Goge zaren, shafa masa ɗan giris, ɗaura da makullinsa har ya zauna, ba sai ka yi masa ƙarfi ba. Cok yana kwancewa da kansa a hankali saboda girgizar harbi, don haka ka riƙa duba shi lokaci-lokaci, bindiga a karye. Wanda ya kwance yana barin tazara a gindinsa inda hayaƙi da datti ke shiga, kuma in ta yi yawa kofin roba na iya kama leɓen ya fizge shi. Kada ka harba bututu mai zare babu cok a ciki, zaren zai lalace. Kada kuma ka ɗaura cok ɗin wani kamfani don kawai ya shiga. Zarensu da tsawonsu sun bambanta, kuma wanda ya shiga bai zauna daidai ba yana iya fasa bakin bututun.